Corolla ko Golf: auna kayan gyara da hannun kanikawa kafin ka biya kuɗi

Mai shirin sayen mota yakan shiga kasuwar kayan gyara ya tambaya, "Akwai kayan Corolla?" ko "Akwai kayan Golf?" a ce masa akwai, ya koma gida hankalinsa kwance. Wannan tambayar ba ta auna komai, domin mai shago ba ya cewa babu, kuma kayan gyara ba sunan da ke manne a bayan mota suke bi ba. Lambar inji suke bi, da lambar giya, da kuma kasuwar da aka ƙera motar dominta. Motoci biyu za su iya ɗaukar suna ɗaya da shekara ɗaya, ɗaya kowane yaron gareji ya san cikinta, ɗaya kuwa ta yi wata guda a ƙarƙashin inuwa tana jiran kaya.

Za mu gwada wannan da motoci biyu sa'o'in juna waɗanda mai neman ƙaramar motar iyali ta hannu yakan tsaya a tsakaninsu: Toyota Corolla ta 2009 zuwa 2013 mai inji 1.8, da Volkswagen Golf ƙarni na shida, ta wajajen 2008 zuwa 2012, mai inji 1.4 TSI da giyar DSG. Duka biyun an ƙera su da yawa. Corolla ta haura miliyan 50 tun fitowarta a 1966, Golf ta haura miliyan 35 tun 1974. Amma yawan mota a duniya daban, yawan irin taka a inda kake zaune daban.

Fara da lambar inji da ta giya

A jikin Corolla akwai ɗan allo a ginshiƙin ƙofar direba mai ɗauke da lambar samfuri da lambar giya. Wadda muke magana a kai lambarta takan fara da ZRE142, injinta 2ZR-FE ne, giyarta ta otomatik mai hawa huɗu ce. A Golf kuwa takarda ce fara da ake mannawa a cikin but, kusa da mazaunin safayar taya, da kwafinta a littafin sabis. A nan za ka ga haruffan inji da na giya, da jerin wasu gajerun lambobi masu alama uku-uku da ake kira lambobin PR, waɗanda ke faɗin irin birki da shokozoba da aka ɗaura wa wannan motar tun daga masana'anta. Ka ɗauki hoton waɗannan, da lambar VIN mai alamomi 17 da ke gindin gilashin gaba. Da su za ka shiga kasuwa.

Ga dalilin wannan wahalar. Corolla ta wannan zamani da aka yi wa kasuwar Turai ta zo da wasu injina dabam, har da na dizal, wasu kuma da giyar MMT, wadda giyar hannu ce da aka sa wa na'ura tana taka mata kuloci. Direba yana ganinta kamar otomatik, amma gyaranta bai haɗa hanya da na otomatik ɗin da kanikawa suka saba da shi ba. Daga 2014 kuma yawancin Corolla masu sarrafa kansu sun koma giyar CVT mai nata man na daban. Haka Golf: 1.4 TSI kanta iri biyu ce, CAXA mai ƙarfin doki 122 da turbo kaɗai, da CAVD mai ƙarfin doki 160 wadda aka haɗa wa turbo da wata na'urar hura iska ta biyu da bel ke juyawa. Akwai kuma Golf ɗin mai inji 1.6 na gargajiya da giyar hannu, da wadda aka kai Arewacin Amurka mai inji 2.5 na silinda biyar. Duk sunansu Golf.

Kayan gyara kashi uku ne, ɗaya ne ke kwantar da mota

Kashi na farko shi ne abin da mota ke ci yau da gobe: filtar mai, filtar iska, fulogi, takalmin birki, bel. A nan kusan kunnen doki ne, domin kamfanonin da ke yin kayan maye gurbi suna yi wa motocin biyu. Ko da haka akwai ƙananan tarko. Filtar man Corolla mai 2ZR-FE ta waɗannan shekarun galibi ta takarda ce da ke zama cikin murfi, kuma murfin yana son sifana ta musamman mai milimita 64. Wanda ba shi da ita yakan kama murfin da filaya ko ya buga shi da kurfi, ya tsage, mai ya riƙa ɗiga. A Golf kuma faifan birkin gaba yana iya zama milimita 280 ko 288 gwargwadon lambar PR, takalmin ma ya bambanta, don haka wanda ya saya da sunan mota kawai yakan yi sawu biyu. Baƙin mai ma ba ɗaya ba ne. Corolla tana shan wajen lita 4.2 na siririn mai irin 0W-20 ko 5W-20 inda littafinta ya ce haka. Injin TSI yana shan wajen lita 3.6, amma dole jikin galan ya nuna amincewar VW 502 00 ko 504 00. Idan irin wannan man ba ya samuwa cikin sauƙi a wurinka, ka riga ka sami rabin amsar, saboda turbo da sarƙar taimin na wannan injin ba sa yafe mummunan mai.

Kashi na biyu kayan jiki ne: fitila, bamba, madubi, gilashi, ƙofa. Waɗannan daga motocin da suka yi haɗari ake samunsu, don haka yawansu yana bin yawan motar a tituna. Rashinsu yana ɓata wa mota kwalliya amma ba ya hana ta tafiya. Abin lura ɗaya: bamba da fitilun Corolla sun sauya fasali a tsakiyar zamanin, kuma na kasuwanni daban ba lallai su hau juna ba.

Kashi na uku shi ne wanda ya kamata mai saye ya ɓata lokacinsa a kai, wato kayan da idan sun lalace mota ta tsaya cak: famfon ruwa, famfon mai, kwayil, sansar inji, lagireto, ƙwaƙwalwar inji, da uwa uba giya. A nan ne motocin biyu suka raba gari.

Ɗauki famfon ruwa, tunda duka biyun suna da shi kuma duka biyun yana lalacewa. A Corolla sanannen rauni ne: za ka ga busasshen ruwan lagireto mai launin hoda ya yi ɓawo a gefen inji, ko ka ji ƙara idan boris ɗinsa ya ci. Amma a waje yake, bel ɗin da ke juya caja ne ke juya shi, ƴan kusoshi ne ke riƙe da shi, aikin awa ɗaya zuwa biyu. Injin kuma an sa shi a Matrix da Pontiac Vibe da Scion xD da wasu Auris, saboda haka mai shago yana da dalilin ajiye famfon a kanta. A Golf mai CAXA famfon ruwan shi ma mai sauƙi ne. A CAVD kuwa famfon yana haɗe da wani kuloci na maganaɗisu wanda ke kunna na'urar hura iskar nan ta biyu. Abu ɗaya ne a suna, amma ya fi tsada nesa, kuma mai shagon da bai san bambancin ba zai miƙo maka na CAXA da zuciya ɗaya.

Sarƙar taimin ma haka. Duka injinan biyu sarƙa ce, ba bel ba. Ta Corolla ba kasafai ake taɓa ta ba idan ana canza mai a kan kari. Ta 1.4 TSI na wannan zamanin an san ta da miƙewa, mai ɗame ta kuma yana saki. Alamarta ƙarar kwaram-kwaram ta ƴan daƙiƙu idan an tayar da inji da sanyi, wani lokaci da lambar matsala P0016 a na'urar gwaji. Idan aka ƙyale ta har ta tsallake haƙori, fistin ya haɗu da bawul, gyaran ya tashi daga canjin sarƙa ya koma buɗe kan inji. Canza ta kuma yana buƙatar ƙarafan kulle sandunan inji na musamman. Da alli da ƙiyasin ido ba a daidaita wannan taimin.

Giya ce ke yanke hukunci

Giyar Corolla mai hawa huɗu tsohuwar fasaha ce, ba ta da zafin nama, kuma a doguwar hanya tana sa inji ya sha mai fiye da yadda giyar zamani za ta yi. Sai dai tana da juriya, kuma idan ta mutu mafita a fili take: a samo wata ta hannu a ɗaura. Abin da ke kashe ta yawanci mai ne. Man WS take sha, ita kuwa Corolla da ta gabace ta, ta 2003 zuwa 2008, T-IV take sha, kuma dukansu ja ne, ido ba ya rarrabewa.

Giyar Golf 1.4 TSI ita ce DSG mai hawa bakwai da ake kira DQ200. A cikinta giyar hannu ce mai kuloci biyu busassu, a gefenta kuma akwai wani akwati da ake kira mekatironik, wanda ya haɗa kwamfuta da famfo da tulun matsin mai, shi ke taka kuloci ya sa giya. Idan tana lafiya tana sauya giya cikin ƙiftawar ido, man fetur kuma kaɗan take sha. Cunkoso da zafi ne abokan gabanta, domin tafiyar kunkuru tana sa kuloci ya riƙa gogawa. Daga nan sai karkarwa wajen tashi daga giya ta ɗaya zuwa ta biyu. Mekatironik ɗin kuma mazaunin tulun matsinsa yakan tsage, matsi ya zube, harafin giya ya riƙa ƙyaftawa a dashbod, mota ta ƙi motsi ko ina. A 2013 kamfanin ya yi kiran motoci wajen miliyan 1.6 masu wannan giyar domin a sauya musu man da ke ciki, saboda yana jawo matsalar lantarki, musamman a wurare masu zafi da laima.

Abin da ya shafi maganarmu shi ne, ko an sami kayan, aikin bai ƙare ba. Sabon kuloci sai an auna an zaɓi siraran zobban da ke daidaita tazararsa. Bayan an ɗaura, sai an haɗa kwamfuta irin VCDS ko ODIS an sa giyar ta sake koyon inda kuloci ke kamawa. Mekatironik na hannu kuma ba a cire shi daga wata mota a dasa kawai, sai lambarsa da manhajar da ke cikinsa sun dace da injin motarka. Garejin da ba shi da waɗannan, komai ƙwarewar maigidansa a kan wasu motoci, gwaji zai yi da kuɗinka.

Yadda ake gwada kasuwa

Rubuta abubuwa takwas a takarda, yawancinsu daga kashi na uku: famfon ruwa, kwayil, famfon mai, lagireto, sansar iskar shaƙa, kayan sarƙar taimin, man giya na asali, da giya sukutum ta hannu. Ga Golf ka ƙara kuloci da mekatironik. Ka kai wa masu shago aƙalla uku waɗanda ba maƙwabtan juna ba, domin maƙwabta sukan ɗauko daga rumbu guda, ka zaci wurare uku ne alhali ɗaya ne.

Kada ka karɓi "akwai". Ka ce a ɗora maka a kan teburi ka gani. Amsoshin iri uku ne, kuma ka rubuta kowanne: wanda aka miƙo nan take, wanda aka aika yaro ya karɓo cikin awa guda, da wanda aka ce "za mu yo maka oda". A na ukun ka tambayi kwana nawa, kuma idan ya zo bai dace ba wa zai ɗauki asarar. Ka kuma tambaya iri nawa ake da shi na kowane abu. Inda mota ta zauna da gindinta za ka tarar da na kamfanin motar, da na masana'antun da ke yi wa kamfanin aiki, irin su Denso da Aisin ga Toyota ko Bosch da LuK ga Volkswagen, da mai araha, da na hannu. Idan iri ɗaya tak ake da shi, a kwali marar suna, wannan kasuwar ba ta san motar ba.

Akwai wata alama ta ɓoye: mai shagon da ya tambaye ka lambar inji ko VIN kafin ya juya ya ɗauko kaya, shi ne ya san aikinsa. Wanda ya ce "ai duk ɗaya ne", ka yi masa sallama.

Yawan kaya ma yana da nasa sharrin, kuma a nan Corolla ce ke shan wuya. Motar da ta fi yawa ita aka fi yi wa jabu. Fulogin iridiyam na jabu da kwayil na jabu suna zuwa cikin kwali mai kyan gani, su yi ƴan watanni inji ya fara tsalle. Saboda haka mai Corolla yana buƙatar amintaccen mai shago guda, shi kuwa mai Golf yana buƙatar shagon da ke da kayan tun farko.

Yadda ake gwada bakanike

Tambayar "Ka iya gyaran wannan?" ita ma banza ce. Ka je garejin da rana tsaka ka ƙirga irin motar nawa ke ciki, kuma ka dubi tayoyinsu. Motar da ake aiki a kanta daban take da wadda tayoyinta suka sace ƙura ta lulluɓe gilashinta. Golf uku masu ƙura a gareji ɗaya ba shaidar ƙwarewa ba ce, shaidar jiran kaya ce ko gyaran da ya gagara.

Sannan ka yi wa maigidan tambayoyin da kai ka riga ka san amsarsu. A kan Corolla: wane mai giyar ta 2010 take sha, kuma me ke fara yoyo a injin? Wanda ya saba da ita zai ce WS, ya ce famfon ruwa, ba tare da dogon tunani ba. A kan Golf: giyar nan kulocinta busasshe ne ko jiƙaƙƙe? Wannan tambayar tana tankaɗe da kyau, domin akwai wata DSG mai hawa shida, DQ250, wadda kulocinta ke cikin mai kuma ake canza mata mai duk kilomita 60,000. Wanda ya cakuɗa su bai buɗe ko ɗaya ba. Ka ƙara da cewa: bayan an canza kuloci me ake yi? Idan bai ambaci kwamfuta ba, magana ta ƙare.

Ka nemi ganin kayan aiki. Ƙaramar na'urar OBD da kowa ke riƙe da ita tana karanta lambobin inji na gama-gari, kuma ga Corolla wannan yakan isa a mafi yawan matsaloli. Ga Golf ka ce ya haɗa tasa ya shiga sashen giya ya nuna maka matsin man mekatironik. Ka duba ko yana da sifanun Torx da masu haƙora 12 da kusoshin Volkswagen ke so, da sifanar auna ƙarfin ɗauri. Kusoshi da dama a wannan motar sau ɗaya ake ɗaura su, suna miƙewa, ba a maimaita su.

Kada kuma ka tsaya a kan mutum ɗaya. Idan gwani ɗaya ne tak a yankinka, ranar da ya yi tafiya ko layinsa ya yi tsawo motarka ta kwanta, kuma ba ka da bakin ciniki. Ka yi tunanin hanyoyin da kake bi ma. Mai yawan doguwar tafiya ya tambayi kansa wa zai taɓa motar idan ta tsaya kilomita 200 daga gida.

Misali a aikace

A ɗauka mutum ya yi wannan zagayen da takardarsa. A Corolla an miƙo masa abu bakwai cikin takwas nan take, giya ta hannu kuma ya ga guda biyu da idonsa a wajen masu kayan hannu. Kanikawa huɗu cikin biyar sun amsa tambayoyinsa daidai. A Golf ya sami filta da kwayil da lagireto, kayan sarƙa sai an yi oda na mako biyu, mekatironik babu wanda ya taɓa riƙe shi, kuma gareji ɗaya ne ke da kwamfutar. To lissafinsa ba na farashin kaya ba ne kawai. Ya ɗauki mafi munin lalacewar da aka san kowace mota da ita, ya ƙirga kwanakin zama: a Corolla yini ɗaya zuwa uku, a Golf mako biyu na jira da kwana biyu na aiki, idan kayan ya zo daidai a karon farko. Ya ninka kwanakin da abin da yake kashewa a rana idan ba shi da mota, ko abin da yake rasawa idan da ita yake neman abinci, ya ɗora a kan kuɗin sayen Golf ɗin. Sau da yawa rangwamen da ya ja hankalinsa a nan yake narkewa.

Sakamakon yana iya juyewa. Inda Golf da ƴan'uwanta Jetta da Skoda Octavia da Seat Leon da Audi A3 suka cika tituna, akwai masu gyara mekatironik maimakon canza shi, kayan sarƙa kuma a kan kanta suke. A irin wannan wurin Golf mota ce mai daɗin tuƙi, ta fi Corolla natsuwa a babbar hanya, kuma babu dalilin gudunta muddin akwai shaidar an kula da ita. A can ma wata Corolla da aka shigo da ita daga wata kasuwa za ta iya zama baƙuwa, musamman idan sitiyarinta yana ɓangaren da ba a saba ba, domin sandar sitiyari da fitilun gaba ba sa hawa juna.

Wanda kuma zagayensa ya nuna masa kasuwa ba ta san TSI da DSG ba amma ransa na kan Golf, ya nemi mai inji 1.6 na gargajiya, wanda haruffansa BSE ne, da giyar hannu mai hawa biyar. Ƙarfin doki 102 ne kawai, ba ta da turbo, bel ɗin taimin take amfani da shi wanda ake canzawa tare da famfon ruwa, kuma kulocinta irin wanda kowane bakanike ya saba saukewa ne. Kafin ya biya, ya buɗe but ya karanta takardar da kansa, ya kuma tabbatar lambar da ke buge a jikin injin ta yi daidai da ita, domin motar hannu tana iya zuwa da injin da ba nata ba.